Daƙiƙa 30 aka ba ni in gabatar da kaina, sai na koma mai karanta labarai

Anti, barka da aiki. Ni garin tumatir nake yi a Kano. Ina sayen tumatir a Kadawa lokacin da ya yi araha, in busar da shi a rufe don kada ƙasa ta shiga, in niƙa. Yanzu gidajen abinci shida ne suke saye a wurina. An gayyace ni taron 'yan kasuwa nan da mako biyu, an ce kowa zai tashi ya gabatar da kansa cikin daƙiƙa 30. Ga abin da na rubuta: "Assalamu alaikum warahmatullahi wabarakatuhu. Shugaban taro, manyan baƙi, 'yan uwa mahalarta, ina yi muku barka da warhaka. Sunana Wance, shugabar kamfanin da ke gudanar da harkokin sarrafa amfanin gona, musamman tumatir, domin samar da ingantattun kayayyaki tare da rage asara bayan girbi. Bugu da ƙari, ina da digiri a fannin kimiyyar abinci da ƙwarewar shekara uku. Burinmu shi ne bunƙasa tattalin arzikin mata da matasa." Na haddace shi tsaf, amma da na faɗa wa ƙanena sai ya fashe da dariya, wai kamar mai karanta labarai a rediyo. Ga shi yana cin kusan daƙiƙa 40. Yaya zan yi?

Wata mai karatu daga Kano

Ƙanwata, ki saya wa ƙanin nan naki tsire, don ya yi miki aikin da mutanen taron ba za su yi miki ba. Su ba za su yi dariya ba. Za su tafa miki cikin ladabi, ki zauna, su manta da ke kafin na gaba ya karɓi makirufo.

Abin da ya ba ni dariya ni kuma shi ne, gabatarwar da kike nema kin riga kin rubuta ta ba ki sani ba. Koma ki karanta farkon wasiƙarki, kafin ki zo kan maganar taro. A cikin layuka uku na san me kike yi, na san inda kike sayen kaya, na ga tumatir yana bushewa, na kuma san akwai masu ba ki kuɗinsu. Dalili kuwa, lokacin da kike rubuta wannan da mutum ɗaya kike magana, wato ni. Da kika zo rubuta ta taro sai kika hango "jama'a" a zaune, nan take bakinki ya sa babbar riga.

Hausar da kika ɗauko ba laifi gare ta ba a inda take da gida. "Gudanar da harkoki", "samar da", "bugu da ƙari", "bunƙasa tattalin arziki", duk kayan aikin ɗakin labarai ne da takardun ofis, kuma kunnenmu ya saba jin su daga bakin mai riƙe da takarda. Shi ya sa ko da kin haddace, ko da idonki na kan mutane, kunne zai ce karatu ake yi. Ba muryarki ce ta tona ki ba, kalmomin ne. Kin taɓa jin wata ta shiga gidan suna an tambaye ta me take yi yanzu, ta ce tana gudanar da harkokin sarrafa amfanin gona? Cewa za ta yi ƙuli nake yi, ko man gyaɗa nake matsa. Kuma ki lura, wannan "sarrafa amfanin gona" hula ce da ke shiga kan kowa. Mai casar shinkafa a Kura zai faɗe ta, mai niƙa masara zai faɗe ta. Ke kuwa a wasiƙarki kin ce saye, busarwa, niƙa. Waɗannan ayyuka ne da mutum zai iya gani da idon zuci.

Na zauna na ƙirga jimlar nan taki da ta fara da "Sunana" ta ƙare da "girbi". Kalma 25 ce, ba wurin ajiye numfashi na kirki, kuma tumatir, wanda shi ne ango, sai a kalma ta 14 ya leƙo, shi ma a bayan "musamman" kamar ɗan rakiya. Ido yana iya komawa baya ya sake karanta jimla mai tsawo. Kunne ba ya iyawa, abin da ya wuce shi ya wuce. A maganar baki, in jimla ta fi ƙarfin numfashi ɗaya ba tare da kin yi haki ba, to jimla biyu ce aka ɗaure wuri guda, a raba su. 

Sai gaisuwa. Na san da wuya Bahaushiya ta miƙe a gaban manya ta faɗa cikin magana ba sallama, kuma ban ce ki yi haka ba. Amma taki kalma 17 ce, wajen daƙiƙa goma, kashi ɗaya cikin uku na duk abin da aka ba ki. Jero shugaban taro da manyan baƙi aikin mai gabatar da taro ne, ya riga ya yi shi tun da safe a madadin kowa. In ke ce ta ashirin a layi, mutanen nan sun ji "manyan baƙi" sau goma sha tara. "Salamu alaikum" ta wadatar, ko "barkanmu da yamma" in taron gauraye ne. Abin da za ki kiyaye guda ɗaya ne: mutanenmu suna amsa sallama, don haka ki dakata su amsa. Masu hadda ba sa dakatawa, sai sunansu ya nutse cikin "wa alaikumus salam" na mutum hamsin, ba wanda ya ji shi. In akwai basarake a zaune kuma kin ga kowa na gaishe shi, "ranka ya daɗe" ɗaya tare da ɗan rusunawa ta isa, ba za a ce ba ki da tarbiyya ba.

To yanzu ga yadda za ki yi, kuma ki ajiye biro tukuna. Ɗauki wayarki ki tura wa wata ƙawarki da ba ta san sana'arki sosai ba saƙon murya a WhatsApp, ki gaya mata me kike yi da wa kike nema. Kada ki shirya, kada ki goge ki sake. Gobe ki tura wa wata daban, jibi ki gaya wa gwaggonki baki da baki wayar tana ɗauka. Sannan ki zauna ki rubuta abin da kika faɗa kalma bayan kalma, har da "to" da "ai" da "kin gane". Zai kai minti ɗaya ko biyu, ba komai. Za ki tarar akwai jimloli uku ko huɗu da suka fito a duka ukun kusan iri ɗaya ba tare da kin yi niyya ba. Waɗannan su ne naki na gaskiya, bakinki ya riga ya san hanyarsu. Su za ki riƙe, sauran ki yi ta yankewa. Wato magana ce za ta haifi rubutun, shi ya sa in kin mayar da shi baki zai koma gida ne kawai.

Da abin da kika ba ni a wasiƙa, ga yadda nake jin za ta fito:

"Salamu alaikum. Sunana Wance, daga Kano. Garin tumatir nake yi. Kun san yadda tumatir yake tsada da damina, ita kuma kauɗar kasuwa sai ka ji ƙasa a miya? To, ni ina saye lokacin da ya yi araha a Kadawa, in busar da shi a rufe, in niƙa. Yanzu gidajen abinci shida ne suke miya da shi. Ina neman masu dafa wa mutane da yawa su gwada. Na zo da shi a jakata. Wance mai garin tumatir."

Kalma saba'in da 'yan kai ce, ta ma fi taki yawan kalmomi, amma ta fi ta saurin faɗa, domin kalmomin gajeru ne. Agogo gaɓoɓi yake ƙirgawa. "Warahmatullahi wabarakatuhu" kalma biyu ce a takarda, amma a baki ta kai tsawon "garin tumatir nake yi" da ƙari. Saboda haka kada ki dogara da ƙirga kalmomi. Kunna agogon wayarki ki faɗa da ƙarfi a tsaye, da dakatawar amsa sallama a ciki. In ta haura 30, abin da zai fara fita shi ne "daga Kano" in a Kano ake taron, sannan "a Kadawa". Ni zan so ki sauka a daƙiƙa 26 ko 27 a gida, ki bar sauran don miƙa makirufo da gyara mayafi.

Dubi jimla ta uku. Ban ce "ina yin garin tumatir" ba, na ce "garin tumatir nake yi". Haka Hausa take amsa tambayar "me kike yi?", abin da ake son a ji shi ake turowa gaba. Ke ma haka kika rubuta mini ba tare da kin yi tunani ba. Bayan wannan jimlar ki yi shiru kamar na ƙiftawar ido biyu. A nan ne mai gidan abinci da ke duba wayarsa a layi na huɗu zai ɗago kai.

Tambayar "kun san yadda..." ba ta neman amsa, kada ki tsaya jiran a ce e. Aikinta ta sa kowa ya tuna da kwandon tumatir ɗin da ya gagare shi saye a kasuwar 'Yankaba da ruwa ya sauka, ya gyaɗa kai. Mutum in ya gyaɗa miki kai sau ɗaya, zai saurari sauran. Sai dai ki duba ɗakin kafin ki taɓa kauɗar kasuwa. In akwai dillalan kauɗa a wurin, kin yi abokan gaba a banza. Sai ki tsaya a kan tsada kawai, "a rufe" ɗin da ke gaba zai isar da saƙon ga mai hankali.

Akwai 'yan ƙananan kalmomin nan da Hausar baki ke tafiya a kansu, irin su "to", "dai", "kuwa", "ma", "fa", "ai". Rubutun ofis yana share su, shi ya sa yake fitowa a sandare. Waɗanda suka zo da kansu a saƙon muryarki ki bar biyu ko uku. Amma kada ki ɗauki rubutun ofis ki barbaɗa masa su kamar yaji a kan shinkafar da ba ta dahu ba. Na ji masu yin haka, abin ya fi na farko muni, don ya zama wasan kwaikwayo.

Na san za ki ce ina digirina, shekara huɗu ko biyar na wahala. Na cire shi da gangan. Mu an raine mu da cewa yabon kai jahilci, shi ya sa in muka zo faɗar abin da muka iya sai murya ta canza, ko dai ta shige ciki don kunya, ko ta kumbura don a rufe kunyar. Dukansu kunne yana kamawa. Mafita ita ce ki bar wasu su yabe ki. "Gidajen abinci shida ne suke miya da shi" ba yabon kai ba ne, labari ne, kuma ya fi "ingantattun kayayyaki" nauyi nesa ba kusa ba, don kowa yana cewa kayansa ingantattu ne, amma ba kowa ke da shida ba. Ki faɗi lambar yadda take. In shida ce kada ta zama "sama da goma", Kano ba ta da girman da kike zato, wani a ɗakin zai iya cewa waɗanne ne. Kuma lamba ɗaya tak. In kika ƙara shekara uku da kilo kaza da ma'aikata kaza, ba wadda za ta zauna a kan kowa. Digirin yana da ranarsa: in kin ji cewa masu ba da tallafi ko jami'an banki ne suka fi yawa a taron, sa "kimiyyar abinci na karanta" bayan jimla ta uku, ki cire tambayar kauɗa don ya samu wuri. Maganar mata da matasa kuwa, rabin ɗakin za su faɗe ta. In mata ne ke yi miki yanka da shanya, faɗi adadinsu in an tambaye ki daga baya.

Abin da rubutunki ya rasa gaba ɗaya shi ne buƙata. Kin faɗi burinki, ba ki faɗi abin da kike so wanda ke zaune ya yi ba. "Ina neman haɗin gwiwa" ma ba buƙata ba ce, ba wanda zai ji da shi ake. Amma "masu dafa wa mutane da yawa" zai sa mai makarantar kwana ya ji da shi ake, mai girkin biki ta ji da ita ake, wanda ba ya girki ma ya tuna da yayarsa mai gidan abinci a Zoo Road. Ki tambayi wanda ya gayyace ki su wa za su zo. In masu kantuna ne suka fi yawa, buƙatar ta koma "ina neman kantin da zai ajiye shi a kanta". Guda ɗaya dai za ki zaɓa. Kada kuma ki karanto lambar waya. Lamba 11 ce, za ta cinye miki daƙiƙa shida ko bakwai, kuma ban taɓa ganin wanda ya rubuta ba. Maimaita sunanki a ƙarshe haɗe da sana'ar ya fi amfani, tunda a ɗaki ɗaya ana iya samun masu sunanki uku, amma mai garin tumatir ke kaɗai ce. Haka ake kiran mutane a unguwa dama, Wance mai ƙosai, Wane mai shayi.

Saura maganar hadda, wadda ita ce rabin ciwon. Mu da muka yi makarantar allo mun iya hadda, kuma hadda tana da muryarta: sauti ɗaya, gudu ɗaya, kowace kalma tana riƙe da wutsiyar ta gabanta. A wurinta wannan daidai ne. A gabatar da kai kuwa, in kalma ɗaya ta zame, duk abin da ke bayanta ya bi ta. Ya taɓa faruwa da ni a wani taro shekarun baya. Ina tsakiyar jimla ta uku wayar wani ta yi ƙara, na ɗago, da na dawo sai na tarar kaina fayau. Ban san lokacin da na sake cewa "sunana" ba, kamar ɗalibar da malam ya ce ta koma farko. Har yau akwai wadda ke tsokanata da shi.

Don haka jimla biyu kawai za ki haddace kalma da kalma, ta buɗewa da ta rufewa, saboda a nan ne tsoro ya fi kama mutum. Tsakiyar kuwa turaku za ki kafa, ki riƙe su a yatsun hannu ɗaya: gari, tsada, busarwa, shida, jaka. Kullum ki faɗe ta sau huɗu ko biyar kina bin turakun nan, kuma ki ƙyale kalmomin su ɗan canza. Yau ki ce "yake tsada", gobe ki ce "yake gagarar mutane". Ki faɗa kina wanke-wanke, ki faɗa a cikin adaidaita a zuci, ki faɗa wa maƙwabciya. Madubi ba ya taimakawa sosai, don fuskarki za ki tsaya kallo. Ƙanin nan naki ya fi madubi. Sa shi ya riƙa katse ki a tsakiya da tambayar banza, ya ce nawa ne kwalba, ko ya yi tari da gangan. In kin iya amsa shi kika ci gaba daga inda kika tsaya, ta zauna. In sai kin koma farko, har yanzu hadda ce.

Ki riƙa ɗaukar muryarki kina saurare, za ki gane da kanki. Muryar hadda tana sauka a wuri ɗaya a ƙarshen kowace jimla, ba ta da shiru a tsakani, kuma tana ƙara gudu in ta hango ƙarshe. Wanda ke kallonki zai ga idonki yana hawa sama wajen silin, can kike neman layin da ke gaba. Kwana uku kafin taron ki daina duba takardar kwata-kwata, ranar kuma kada ki tashi da ita a hannu ko a waya, don hannun da ke riƙe da takarda sai ya kai ta gaban ido. In kin miƙe, zaɓi mutum uku, ɗaya a dama, ɗaya a tsakiya, ɗaya a hagu, ki gaya wa kowannensu jimla biyu ko uku kamar ku biyu ne a ɗakin. Makirufo kuma ki bar kamar faɗin yatsu uku tsakaninsa da bakinki, kada ki hura shi, kada ki ce "ana jina?"

In aka ce da Turanci za a yi, kada ki fassara wannan. Koma kan saƙon murya, ki tura wa wadda kuka saba Turanci da ita, ki bi turakun nan biyar daga farko. Fassara tana dawo da babbar rigar da muka sha wahalar cirewa.

Ki sani kuma, daƙiƙa 30 ɗin nan ta tsayuwa a gaban taro ce kawai. In an tashi shan shayi wani ya ce Hajiya me ake yi, kada ki juye masa duka, zai ji kamar ya danna rediyo. "Garin tumatir nake yi" kawai, ki yi shiru, shi zai tambaya. Tambayoyin kuma kusan sanannu ne: nawa ne, wata nawa yake yi bai lalace ba, cokali nawa ke yin tukunyar miya, kuma kina da lambar NAFDAC? Ki shirya amsar kowacce a jimla ɗaya. In rajistar ba ta fito ba tukuna, ki faɗi matakin da take kai tsaye, don mai kanti zai duba jikin leda ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba. Tunda kuma za ki ce kin zo da shi a jakarki, to ya kasance yana ciki: ƙananan ƙulli kamar ashirin, kowanne na miya ɗaya, da sunanki da lambar wayarki manne a jiki, a aljihun jakar na waje inda hannunki zai kai ba sai kin zazzage kaya a gaban mutane ba.